A danna Restore ne ko a ɗebo daga tsohuwar siga? Idan fayil ɗin haɗaka ya rikice

Fayil ɗin lissafi da mutum huɗu ko biyar suke shiga kullum, ranar da ya rikice abu na farko da kowa zai faɗa shi ne "a mayar da shi yadda yake jiya mana". Kuma eh, ana iya wa, Excel da Google Sheets duk suna ajiye tsofaffin sigogin fayil a wurin da suke kira Version history, ga maɓallin Restore nan yana kallonka. Amma wannan maɓallin fayil ɗin GABA ƊAYA yake mayarwa baya, duk shafukan, duk aikin kowa, bai san ɓarnar wane da aikin kirkin wane ba. Kaman mai shago ne tawada ta zube mishi a shafin Talata na littafin bashi sai ya cire duk shafukan daga Talata har zuwa yau ya cusa a aljihu, ba su ɓata ba kam, suna nan, amma ba sa cikin littafin da ake aiki da shi. Toh shi ya sa hanya ba ɗaya ba ce, uku ne: ka danna Restore kai tsaye, ko ka bar fayil ɗin yau yadda yake ka ɗebo abin da ya lalace kaɗai daga tsohuwar siga, ko ka yi Restore ɗin sannan ka sake zuba aikin da aka yi bayan ɓarnar. Wacce za ka bi ya danganta ne da abu biyu, yawan aikin da ya shigo bayan ɓarnar, da kuma irin ɓarnar kanta.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe, sabida a iska maganar ba ta kamuwa.

A ce dilan taki ne a cikin garin Gombe, yana ba manoma taki bashi da damina su biya bayan kaka idan sun kai amfani Tudun Hatsi sun sayar, yana da wakilai a Kumo da Dukku da Bajoga, kowa na shiga fayil ɗaya. Shafi uku ne a ciki. Shafin `Bashi` yana da manoma 240, layi na 2 zuwa na 241, kolum A lambar manomi, B sunanshi, C garinsu, D yawan buhu, E kuɗin, F abin da ya rage a kanshi. Shafin `Biya` kuma duk wanda ya kawo kuɗi a ƙara layi a ƙasa, kwanan wata a A, lambar manomi a B, kuɗin a C. Sai shafin `Jimla` da Alhaji yake dubawa. Ragowar bashin kowa fomula ce ke fitar da ita:

```
=E2-SUMIF(Biya!B:B,A2,Biya!C:C)
```

Ranar Talata da hantsi ɗaya daga cikin wakilan yana neman wani suna ya gaji da gangarawa, sai ya zaɓi kolum B kaɗai ya jera shi daga A zuwa Z. Excel ma yana tambaya fa, yana fito da Sort Warning da zaɓi biyu, Expand the selection da Continue with the current selection, shi kuma ya danna na biyun, a Sheets kuwa Sort range ne a kan kolum ɗaya zai yi irin wannan aikin. Sunaye suka jeru tsaf, lambobi da buhuna da kuɗi suka tsaya inda suke, yanzun kowane suna yana zaune a kan bashin wani. Abin da ya sa wannan ɓarnar ta fi kowacce mugunta shi ne babu abin da ya nuna ja, babu #REF! ko ɗaya, jimlar da Alhaji ke gani ko kwabo ba ta motsa ba, tunda kuɗin duk suna nan, masu su ne kawai aka canja. Sai ranar Juma'a wani dattijo daga Kumo ya zo biya aka ce mishi buhu 11 ake binshi, ya ce "haba ɗana, buhu 4 na ɗauka, ga katina", sannan yaron shago ya lura sunaye sun jeru bisa haruffa daga sama har ƙasa alhali da yadda mutane suka zo aka rubuta su.

Daga Talata zuwa Juma'ar nan an shigar da biya 37 a shafin `Biya`, an ƙara sabbin manoma 6 a ƙasan `Bashi`, layi na 242 zuwa 247. Riƙe waɗannan lambobin, su ne za su yanke hukunci.

Kafin a zaɓi hanya akwai abin da ake yi ko wacce za a bi. A tura saƙo a guruf ɗin WhatsApp kowa ya rufe fayil ɗin, ya rufe da gaske, ba ya naɗe laftof ya tafi masallaci ba, sabida wanda ya bar shi a buɗe a Bajoga netwok ɗinshi ya ɗauke yana ta rubutu, da zaran data ta dawo abin da ya rubuta zai nemi shigowa kan gyaran da kake yi, a OneDrive wani lokaci ma sai ka ga fayil na biyu ya fito da sunan kwamfutarshi a jiki, shikenan an samu biyu ba a san na gaskiya ba. Sannan mutum ɗaya ne zai yi gyaran, a kwamfuta, kada a yi a waya. Duk wanda yake da izinin gyara fayil yana iya danna Restore, in mutum biyu suka tashi taimako lokaci guda sai dai Allah ya kyauta. Sai ka yi kwafin fayil ɗin yau ɗin nan da ya lalace ka sa mishi suna, misali `Lalatacce_Juma`. Wasu za su ce me za a yi da lalatacce, za ka gani a gaba, wallahi yana cikin abin da zai cece ka.

Yanzun neman sigar ƙarshe mai lafiya. A Excel File ne, sai Info, sai Version History, ko ka danna sunan fayil ɗin a can sama za ka ga shi, jerin sigogi zai fito a gefen dama da lokaci da sunan wanda ya taɓa, in ka buɗe ɗaya tana buɗewa ne a tagarta daban, ta karatu kawai, da maɓallin Restore a samanta. A Google Sheets File, Version history, See version history, ko ka haɗa `Ctrl+Alt+Shift+H`. Sheets yana dunƙule sigogin da suka zo kusa da juna, sai ka danna ɗan kibiyar da ke gefen kwanan watan ya baje maka ƙananan da ke ciki, kuma yana shafa wa gidajen shafin da aka canja, wato cells, kala, kowane mutum da tashi.

Kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya daga sama, za ka gaji ka fara zato. Ka samu shaida guda, wato gida ɗaya da ka tabbatar da abin da ya kamata ya kasance a ciki. A misalinmu katin dattijon nan ya ce lambarshi 63, toh B64 shi ne shaidarka, a siga mai lafiya sunanshi zai kasance a wurin. Buɗe sigar da ke tsakiyar jerin, in sunanshi na nan ka san ɓarnar ta zo bayan nan sai ka koma tsakiyar rabin da ya fi sabunta, in ba ya nan ka koma tsakiyar rabin da ya fi tsufa, haka za ka yi ta raba biyu, ko sigogi 32 ne buɗewa 5 ta isa ta kai ka bakin inda abin ya faru. Wadda kake so ita ce ta ƙarshe kafin ɓarnar, ba ta Litinin da safe ba don kawai ka tabbata tana da kyau, duk awar da ka ƙara ja baya aikin wani kake zubarwa a banza. Da ka same ta ka cire kwafinta nan take: a Excel Save As daga tagar tsohuwar sigar, a Sheets ɗigo uku na gefen sigar sai Make a copy. Sa mata suna `Tsoho_Talata`. Yanzun kana da fayil uku, na aiki, lalatacce, da tsoho, kuma ba ka taɓa komai ba tukuna.

Wani abu a gefe, in dukkanku da imel ɗaya kuke shiga, wanda na san shi ne al'adar shaguna da yawa, sunan da ke jikin sigogin ba zai gaya maka komai ba, duk sunan Alhaji ne, har da ɓarnar.

Toh hanya ta farko, Restore kai tsaye. Daɗinta sauri da tsabta, dannawa ɗaya komai ya koma yadda yake, fomuloli, kaloli, faɗin kolum, shafukan da aka goge, kuma linkin fayil ɗin bai canja ba, wakilai ba sa buƙatar a tura musu sabo. Kuma ba ta goge sigar yau, tsohuwar ce ake ɗauko wa a ɗora a sama a matsayin sabuwa, ta Juma'a tana nan a jerin, in ka ga ka yi kuskure za ka iya komawa. Amma a misalinmu in ka danna ta, biya 37 da manoma 6 sun fita daga fayil ɗin da ake aiki da shi, kuma babu wani gargaɗi da zai lissafa maka su, ranar Asabar mutumin da ya biya naira 50,000 ranar Laraba a Dukku zai zo a ce mishi bai biya ba. Wannan hanyar ta wanda ya gano ɓarnar da wuri ce, cikin minti goma ko awa ɗaya, ko da daddare aka yi ta da safe aka gani ba wanda ya shiga tsakani. Yadda za ka tabbatar kuwa shi ne ka kalli jerin sigogin, in tsakanin mai lafiyar da ta yanzun babu komai sai ita ɓarnar, danna Restore ka tafi harkarka. Kada ka dogara da tambayar mutane a guruf, "ni ban taɓa komai ba" kowa zai ce.

Hanya ta biyu, ɗebowa. Nan fayil ɗin yau ne ya zama tushe, abin da ya lalace kaɗai za ka gyara daga tsohon, a misalinmu kolum B ne kawai, layi na 2 zuwa 241. Mai gaggawa zai kwafi B2 zuwa B241 daga tsoho ya manna a wuri guda a na yau, kuma zai yi daidai in har tun Talata babu wanda ya cusa layi a tsakiya ko ya goge ko ya sake jerawa, amma layi ɗaya tak aka cusa a tsakiya duk sunayen da ke ƙasanshi sun goce da mataki ɗaya, ka gyara ɓarna da sabuwar ɓarna wadda ta fi ta farko wuyar ganewa. Shi ya sa ni na fi yarda a bi ta lamba. Ka buɗe sabon shafi a fayil ɗin aiki ka kira shi `Tsoho`, ka zuba kolum A da B na tsohuwar sigar a ciki, ƙima zalla ba tare da fomula ba, a Excel Paste Special sai Values, a Sheets `Ctrl+Shift+V`. Sannan a kolum G na `Bashi` da babu komai ka rubuta wannan ka ja shi har layi na 247:

```
=VLOOKUP(A2,Tsoho!A:B,2,FALSE)
```

Kowace lamba za ta jawo sunanta na asali. Ga alamar da za ta nuna maka aikin ya tafi daidai: #N/A ya fito sau 6 cif, a layi na 242 zuwa 247, sabida sabbin manoman nan ba su cikin tsohuwar sigar, kuma sunayensu a B dama lafiya suke tunda bayan jerawar aka ƙara su, kada ka taɓa su. In #N/A ya fi 6, tsaya, ko an canja wata lamba, ko an rubuta ta da sarari a gefe, ko ta zama rubutu maimakon adadi, ko kuma sigar da ka ɗauko ta yi tsufa da yawa. In ya yi daidai sai ka kwafi G2 zuwa G241 ka manna ƙima zalla a kan B2, ka goge G, ka koma ka duba B64 da wasu katuna biyu uku na takarda.

Dalilin da na nace a kan ƙima zalla, a Excel in ka kwafo fomular da ke nuni da wani shafi daga fayil zuwa fayil, tana zuwa da sunan tsohon fayil ɗin a wuyanta, sai ka ga abu kaman haka:

```
=SUM([Tsoho_Talata.xlsx]Biya!C:C)
```

Wato tana lissafi ne daga tsohon, duk biyan da za a ƙara gobe ba za ta gani ba, jimla ta daskare ba wanda ya sani. In dole fomula za ka dawo da ita, shiga cikin gidan ka kwafi rubutun fomular kanshi daga sandar sama ka manna, ko bayan mannawa ka yi `Ctrl+F` ka nemi `[` a cikin fomuloli ka tabbata babu.

Wannan hanyar ta fi cin lokaci, kuma tana buƙatar ka san iyakar ɓarnar, amma a misalinmu ita ce zaɓina, biya 37 da manoma 6 suna zaune inda suke.

Sai dai fa kar a yi murna tukun, ga inda mafi yawan mutane ke tsayawa alhali da saura. Su biya 37 ɗin nan an shigar da su ne a lokacin da fayil ɗin ke ƙarya. Wanda ya zo da katinshi an karanta lambarshi daga kati, wannan lafiya lau. Amma wanda ya zo hannu rabbana ya faɗi sunanshi kawai, wakili ya nemi sunan a kolum B ya karanta lambar da ke gefenshi a A, ita kuma lambar wani ce, kuɗin Malam wane ya tafi ya rage wa wani bashi. Restore ba ya gyara wannan, ɗebowa ma ba ta gyara shi, sabida a idon kwamfuta layin daidai yake, lamba ce mai kyau da kuɗi mai kyau. Nan ne `Lalatacce_Juma` zai yi maka rana. A ce a `Biya` an rubuta lamba 118 ta biya naira 30,000 ranar Alhamis, ka je lalataccen ka ga wane suna ne yake gefen 118 a lokacin, ka je tsohon ka ga wace lamba ce ta mai wannan sunan da gaske, a ce 152, sannan ka ɗauko littafin rasit na takarda ka ga wa aka yanka wa rasit na 30,000 ranar Alhamis. In sunan mai 118 na asali ne a rasit, bar shi. In sunan da ke gefen 118 a lalataccen ne, mayar da lambar ta zama 152. Layi 37 ne, da hannu za a bi su, mutum biyu ɗaya na karanta rasit ɗaya na duba allo, kada ka ce fomula za ta yi, a ƙauye ɗaya ma sai ka samu mutum uku suna ɗaya sunan uba ɗaya, fomula kuwa na farkon da ta tarar take ɗauka. Da a ce shafin `Biya` yana da kolum na suna da ake rubutawa da hannu kusa da lamba da rabin wahalar nan babu ita, bayan an gama sai a ƙara shi.

Hanya ta uku ita ce ta biyun a juye: ka yi Restore zuwa sigar Talata, sannan ka ɗebo sabon aikin daga `Lalatacce_Juma` ka zuba, biya 37 a ƙasan `Biya`, manoma 6 a ƙasan `Bashi`, ka ja fomular F ta sauko kansu. A misalin jerawar nan ma za ta yi aiki, tunda duk sabon aikin a ƙasa yake a jere, da sharaɗin ka tabbata ba wanda ya gyara wani abu a tsakiya, misali ya canja buhun wani daga 5 zuwa 7 a layi na 90, irin wannan shi ke sulalewa. Inda ta fi ta biyu nesa ba kusa ba shi ne in ginin fayil ɗin ne ya rushe. A ce kolum E aka goge ɗungurungum, ko shafin `Biya`, duk fomular da ke nuni da shi ta koma #REF!, kuma a Excel ko ka dawo da shafin da sunanshi na da fomulolin ba sa warkewa da kansu, sunan shafin ya riga ya fita daga cikinsu an rubuta #REF! a gurbinshi, sai ka bi su duka ka sake rubutawa. A Excel na kwamfuta ma goge shafi `Ctrl+Z` ba ya dawo da shi. Haka in wani ya manna adadi a kan fomuloli a wurare barkatai ba ka san iyakarsu ba. A irin wannan gini mai lafiya ya fi layi 37 tsada, ka dawo da ginin, layukan a sake zuba su.

Ka'idar da nake bi kenan, ka auna wanne ya fi ƙanƙanta kuma ka fi sanin iyakarshi, ɓarnar ko sabon aikin, shi za ka ɗauka da hannu, ɗayan ka bar wa kwamfuta. In adadi ɗaya ne kawai wani ya rubuta a kan wani, duk ukun ma ba ka buƙata, a Sheets danna dama a kan gidan ka zaɓi Show edit history ya nuna maka abin da ke ciki a da, da wanda ya canja, a Excel na Microsoft 365 Review sai Show Changes, ka karanta tsohon adadin ka mayar.

Saura maganar ko tsohuwar sigar ma tana nan, don a nan ne inda ka ajiye fayil ke raba gardama. Excel ba ya ajiye Version History sai fayil ɗin yana kan OneDrive ko SharePoint. In asusun Microsoft na kanka ne, sigogi 25 na ƙarshe za ka iya dawowa da su, in na ofis ko makaranta ne ya danganta da yadda mai kula da tsarin ya saita, SharePoint ya saba zuwa da 500. Ka ga 25 ɗin nan ga fayil da mutum huɗu ke shiga safe da yamma ba wani yawa ba ne, kowace sabuwa tana tura mafi tsufa waje, ɓarnar da ta kwana biyu ba a gani ba tana iya cinye duk sigogin masu lafiya, kuma kai ma da kake gyaran sabbi kake ƙarawa, shi ya sa na ce cire kwafin tsohon kafin ka taɓa komai. Google Sheets tarihinshi ya fi nisa, amma shi ma yakan haɗe ƙananan sigogi idan sun tsufa, sai ka ga ta ƙarfe 10 da ta ƙarfe 11 na wata ranar sun zama ɗaya, maganin shi ne sa wa siga suna, Version history sai Name current version, ana iya sa wa har 15 a fayil ɗaya, kaman "kafin rabon taki" ko "ƙarshen wata". Kuma sai mai izinin Editor ne ke ganin tarihin, wanda aka ba kallo kawai ba zai ga komai ba. In kuwa fayil ɗin xlsx ne da ake gyarawa a kwamfuta ana sake ɗorawa a Google Drive, nan Manage versions ne, kuma tsofaffin suna iya gogewa bayan kwana 30 ko in sun haura 100 sai dai wadda aka sa wa Keep forever.

Don haka ga ƙaramin shago mai wakilai a garuruwa, da asusun kyauta, inda ɓarna kan kwana uku kafin a farga, ni Sheets zan ce, sabida nisan tarihi da kalar da ke nuna inda aka taɓa da Make a copy daga tsohuwar siga kai tsaye. Ofishin da ke da Microsoft 365 na aiki kuma su tsaya a Excel ɗinsu, abin da suke da shi ya isa. Wanda ke kan OneDrive na kanshi ya riƙa cire kwafi da kwanan wata duk ƙarshen mako, ya sani kuma kwafi ba ya tafiya da tarihi, sabon fayil daga ranar ya fara ƙirga nashi. Wannan ma shi ne dalilin da ban sa "a koma aiki a kan kwafin tsohon" cikin hanyoyin ba, linki ya canja, tarihi ya tsaya a wancan, kuma tabbas wani wakili zai ci gaba da zuba biya a tsohon linkin har sati biyu.

Masu tura fayil ta WhatsApp kuwa, kowa ya sauke ya gyara ya sake turowa da suna "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", ku babu Version history a wurinku sam, tsofaffin da ke cikin hirar su ne tarihinku, a kansu za ku bi hanya ta biyu, ku sauke na ranar Litinin ku ɗebo kolum B. Haka wanda fayil ɗinshi ke kan filas ko Desktop, Recover Unsaved Workbooks na wanda aka ɗauke wa wuta bai yi sebin ba ne, ba ya dawo da fayil ɗin da aka lalata aka kuma yi sebin a kai. In kuma fayil ɗin ne kacokan aka goge, ba tarihin siga za ka nema ba, kwandon shara za ka leƙa, Google Drive da OneDrive na kai suna riƙewa kwana 30, OneDrive na ofis kwana 93.

Bayan an gama gyaran misalinmu, kafin a ce wa wakilai su dawo, lissafi biyu za a yi a gaban Alhaji: jimlar kolum C na `Biya` ta zama jimlar tsohon haɗe da kuɗin rasit 37 ɗin nan, layukan `Bashi` kuma su ƙare a 247. In sun yi, a Sheets a sa wa sigar suna "bayan gyaran Juma'a", a goge shafin `Tsoho` kada wani ya fara rubutu a ciki, a kulle kolum A da B, a Sheets Data sai Protect sheets and ranges, a Excel Review sai Protect Sheet bayan an buɗe gidajen da ake son a riƙa cikewa. Wanda ke son neman suna kuma a nuna mishi `Ctrl+F`.